Yadda na gabatar da Inna a zagayen Alhamis: mantuwa mai sauka mataki-mataki da hawan jini

Ranar Litinin da la'asar rajistaran sashenmu, wato likitan da ke ƙarƙashin babban likita, ya miƙo mini fayil ɗin wata dattijuwa da ke gado na bakwai a ɗakin mata, ya ce ni zan gabatar da ita a zagayen koyarwa na ranar Alhamis, kuma babban likita ba ya ba ɗalibi fiye da minti biyar. Ina shekarar ƙarshe a makarantar likitanci a lokacin. Abin da ke cikin fayil ɗin bai wuce layi kaɗan daga ɗakin gaggawa ba: mace, tsohuwa, mantuwa shekara biyu, ta faɗi kwana goma da suka wuce, awon jini 188/104. Wajen shekaru an rubuta 80, wanda daga ganinta ka san ƙiyasi ne. Na rubuta wannan ne saboda ɗalibin da za a miƙa wa irin wannan fayil, domin yawancin wahalar tana cikin kwana ukun da ke gabanin zagayen, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini tsarinta.

Da yammacin nan na sami babban ɗanta a bakin gado. Shi ne ya kawo ta, shi ne mai biyan kuɗi, kuma da shi aka yi magana a ɗakin gaggawa. Na gaishe shi, na durƙusa na gaida Inna, ta amsa da fara'a har tana tambayata mutanen gida. Da na tambaye shi yadda abin ya fara sai ya ce, "Likita, tsufa ne kawai. Shekara biyu ke nan tana mantuwa, kullum ƙaruwa take yi." Da na tsaya a nan, da labarin da zan kai zagaye shi ne na mantuwa mai tafiya a hankali ba tsayawa, wato kamannin cutar Alzahaima. Sai na tambaye shi ko tare suke zaune. Ashe a wani gari yake aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa. Mai zuwa wata-wata jimillar lalacewar yake gani, ba zai san ranar da aka sauka daga wannan mataki zuwa wancan ba. Na ce wa ke ba ta abinci, wa ke kwana kusa da ita? Ya ce matar ƙaninsa. Na roƙe shi ta zo washegari, kuma ta taho da duk wani magani da ke ɗakin Inna, har wanda aka daina sha.

Ranar Talata na jira ta daga ƙarfe goma har bayan azahar, don sai da ta sallami yara. Wannan jiran ya fi duk abin da na yi a makon amfani. Mun koma kan benci a baranda, nesa da kunnen Inna, domin suruka ba za ta iya cewa uwar mijinta tana fitsarin kwance a gabanta ba. Ban tambaye ta wata ko shekara ba. Na ce, "Baiwar Allah, yaushe ne rabon da ki ga Inna garau, tana komai da kanta?" Ta ce har azumin bara, ba wanda ya wuce ba, Inna ce ke riƙe da adashin matan layinsu, tana kuma sayar da daddawa. Wata safiya a goman ƙarshe ta tashi bakinta ya ɗan karkace, maganarta ta yi nauyi. Cikin mako guda bakin ya koma daidai, aka ce iska ce ta buge ta. Amma tun daga ranar ba ta ƙara iya ba da canji daidai ba, kuma ta miƙa adashin ga wata. Na ce bayan nan ta ci gaba da lalacewa ne? Ta ce a'a, haka ta tsaya kusan shekara guda, tana girkinta, tana zuwa biki da suna. Sai mako ɗaya bayan ƙaramar sallar da ta wuce, rana tsaka ta fara jan ƙafar hagu. Daga nan tafiyarta ta koma ƙananan taku, ta riƙa ɓata lissafin raka'a, in ta ɗora tukunya sai ta rasa me ke gaba da me, ga kuka da ke zo mata ba dalili, in an tambaye ta ta ce ita ma ba ta san me ya sa ba. Ta sake tsayawa a haka. Sati uku da suka wuce kuma ta wayi gari ba ta iya riƙe fitsari, ba ta gane hanyar banɗaki, sai an saka mata kaya.

A bayan takardata na ja layi na zana matakala mai hawa uku: wata 20, wata 8, sati 3. Ƙarƙashin kowane mataki na rubuta abu biyu, alamar da ta bayyana a jiki da aikin da ya kuɓuce mata. Wannan zanen shi ne gabatarwar gaba ɗaya. Abin da yake nunawa shi ne kowane mataki wata ƙaramar jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, ɗan yankin da take ciyarwa ya mutu, sai a zauna a haka har wata ta sake toshewa. Hawan jinin da ya daɗe ba a kula da shi ba yana kaurara bangon waɗannan ƙananan jijiyoyi yana ƙuntata su. Shekarunta ma ta wannan hanya na gyara: an yi mata aure shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, wato 1973, tana kimanin sha biyar, ka ga shekarunta kimanin 67 ne.

Ledar magungunan ta ba da nata labarin. Akwai metildofa 250 mg da aka rubuta mata shekara tara da suka wuce, wanda take sha sai ranar da kanta ke ciwo. Akwai diklofenak na ciwon gwiwa da ake sayo mata a kemis, wanda ke ƙara hawan jini yana kuma taɓa ƙoda. Akwai firiton da ake ba ta da dare don ta yi barci, irin maganin da ke ƙara wa tsoho ruɗewa. Shi kansa metildofa yana sa kasala da damuwa. Ba ɗaya daga cikin ukun da aka rubuta a fayil, kuma da tambaya kawai na yi da an ce mini "tana shan na hawan jini".

Da yamma na koma kan Inna. Kafin kowane gwajin tunani sai da na tabbatar hankalinta yana tare da ni, domin tsohuwar da zazzaɓi, ciwon mafitsara ko faɗuwar suga ya gigita za ta faɗi kowane gwaji, kuma wannan gigitar ta kwanaki ce, tana warkewa in an magance sanadinta. Idonta biyu, tana bin magana, ba zazzaɓi, kuma nas ɗin dare ta ce ta yi barci lafiya ba fizge-fizge. Na ce ta jero ranakun mako, ta jero. Na ce ta komo da su baya daga Asabar, ta kai Laraba a hankali sannan ta tsaya. Gwajin MMSE mai maki 30 da muka saba da shi bai dace da ita ba, don yana neman karatu da rubutun boko da cire bakwai-bakwai daga ɗari, ita kuwa allo ta yi. Rajistara ya ba ni takardar gwajin IDEA, wanda aka tsara domin tsofaffin da ba su yi boko ba, aka kuma gwada shi a Tanzaniya da Najeriya. Makinsa 15 ne, 7 zuwa ƙasa yana nuna akwai yiwuwar gigin tsufa. Ta faɗi mene ne gada, ta san sunan mai unguwarsu, amma ba ta san ranar da muke ciki ba. Dabbobi biyar ta iya ambata cikin minti ɗaya, tana yi tana dogon shiru. Na jera tsinken ashana huɗu a kan tire na ce ta yi irinsa, ta juya su a hannu ta kasa farawa. Cikin kalmomi goma ta tuno biyu, amma da na ce akwai wani abin ci a ciki sai ta kawo shi. Jimilla 6. Na rubuta a gefe cewa tuni yana taimaka mata, kuma jinkiri da kasa tsara aiki sun fi mantuwar kanta yawa, domin haka gigin jijiyoyin jini ya fi zuwa. Na tambaye ta ko ranta yana ɓaci, ko ta gaji da duniya, ta ce a'a, tana jin daɗin jikokinta kuma tana cin abinci, don ciwon damuwa ma yana iya shigar burtu da kamannin mantuwa.

A jiki, bugun jininta 84 ne kuma a daidaice, abin da ya kamata a faɗa a fili don bugun da ba shi da tsari yana jefa gudan jini zuwa ƙwaƙwalwa. Bugun ƙarshen zuciya ya matsa gefe, alamar ta yi kauri. Ƙafar hagu ƙarfinta 4 cikin 5, bugun gwiwa ya fi zabura a hagu, kuma da na karce tafin ƙafar babban yatsa ya ɗaga sama. Na sa aka riƙe ta ta yi taku goma: ƙanana, ƙafafu a ɗan buɗe, juyawa sai a taku huɗu. Kada ka gabatar da irin wannan mara lafiya ba ka gan ta a tsaye tana tafiya ba.

Laraba ta tafi a gwaje-gwaje da lissafin kuɗi. Kowace takarda sai an kai wurin biya, a karɓo rasit, sannan a ɗebi jini, kuma ɗan nata ya shafe fiye da awa biyu a layi. Ya faɗa mini gaskiya cewa abin da ke hannunsa ba zai ɗauki komai ba, sai muka zauna da rajistara muka jera su bisa muhimmanci. Suga, yawan jini, gishirin jini da aikin ƙoda, fitsari da awon zuciya na ECG aka fara yi, don su ne masu araha da ke iya canja magani a ranar. Suga 6.8, yawan jini na PCV kashi 34, sodiyam 137, kiriyatinin mai nuna aikin ƙoda 118, furotin kaɗan a fitsari ba alamar ƙwayar cuta, ECG ya nuna kaurin zuciya da bugu mai tsari. Gwajin maƙoƙo, sinadarin B12, HIV da tunjere an rubuta su suna jiran kuɗi. Hoton ƙwaƙwalwa na CT kuwa a lokacin ya haura naira dubu hamsin, 'yan'uwa suna ta haɗawa, kuma an ba su ranar Litinin mai zuwa. Na damu ƙwarai da zan tsaya ba hoto. Rajistara ya ce in faɗi abin da ke hannu, in faɗi abin da ake jira da dalilin jiran, ba wanda zai kama ni da laifin wannan. Daren nan na maimaita gabatarwar sau huɗu da agogo. Karon farko ta ci minti goma sha ɗaya. Na zubar da jerin "ba ta tari, ba ta gudawa, ba ta amai", na bar kawai rashin da ke kore wata cuta.

Alhamis ƙarfe takwas muka taru, babban likita bai iso gado na bakwai ba sai kusan sha ɗaya. Mu kusan ashirin ne a zagaye da gadon, bakina ya bushe. Na gaida Inna na ce mata za mu yi magana a kanta da Turanci, sannan na fara. Ga ma'anar abin da na ce: "Yallaɓai, wannan dattijuwa ce mai kimanin shekara 67, mai sana'ar daddawa, da hawan jini na shekara tara wanda ba a shan maganinsa a kai a kai. An kawo ta da raguwar tunani ta wata 20 mai sauka mataki-mataki, da faɗuwa kwana goma kafin a kwantar da ita. Labarin daga surukarta ne da suke gida ɗaya. Matakan uku ne, kowanne farat ɗaya, tsakaninsu tana tsayawa cik." Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kowanne jimla biyu. Na kawo magunguna ukun da ke leda, sakamakon gwajin tunani tare da dalilin zaɓensa, alamomin ƙafar hagu da tafiya, sai gwaje-gwaje. Na rufe da cewa abin da na fi zato shi ne gigin tsufa mai nasaba da jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sanadin hawan jini, sai kuma yiwuwar haɗuwarsa da Alzahaima, taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai saboda faɗuwar, da taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, wadda ita ma ke haɗa matsalar tafiya da fitsari da mantuwa.

Bai katse ni ba har na zo kan shirin magani na ce a fara asfirin 75 mg. Nan ya ɗaga hannu. "Ta faɗi, ka ce. Kanta ya bugu?" Na ce eh, a goshi. "Ka ambaci taruwar jini da bakinka. In shi ne, me asfirin zai yi mata?" Na ce zai ƙara zubar. Ya ce to ba asfirin sai an ga hoto. Ya ƙara da cewa ko ba faɗuwa, hawan jini yana fasa ƙananan jijiyoyi kamar yadda yake toshe su, kuma hannu ba ya bambance biyun. Tambaya ta biyu ita ce awon jininta a tsaye, wanda ban yi ba. Aka kawo abin awo a take: 172/96 a kwance, 166/94 bayan minti uku a tsaye. Ya ce abin da ake nema shi ne na sama ya faɗi da 20 ko na ƙasa da 10, kuma duk tsohon da ya faɗi yana kan maganin hawan jini sai an yi masa wannan kafin a ƙara ko ƙwaya ɗaya. Sannan ya karɓi abin duba ido ya leƙa da kansa, ya nuna mana yadda jijiyoyin bayan idon suka ƙuntata suna danne juna, ya ce a nan ne kawai za ka ga ƙananan jijiyoyin jini da idonka, kuma abin da ke nan shi ke cikin kai.

Ya tambayi makin Hachinski, ma'aunin bambance gigin jijiyoyin jini da Alzahaima, wanda na riga na lissafa: farawa farat ɗaya 2, sauka mataki-mataki 1, halinta bai canja sosai ba 1, kuka ba dalili 1, hawan jini 1, tarihin shanyewar jiki 2, ƙorafin rauni a ɓangare ɗaya 2, alamarsa a gwaji 2, jimilla 12. Bakwai zuwa sama yana karkata ga jijiyoyin jini, huɗu zuwa ƙasa ga Alzahaima. Ya yarda, amma ya ja kunnenmu cewa makin ba ya kore haɗuwar cututtukan biyu a mutum ɗaya, abin da ke yawan faruwa a wannan shekaru. Wata ɗaliba ta tambayi donefezil, maganin mantuwar Alzahaima, ya ce ba a ba da shi in jijiyoyin jini ne zalla, sai in ana zaton akwai Alzahaima a ciki. Kan hawan jinin ya ce a dakatar da metildofa, diklofenak da firiton, a fara amlodifin 5 mg, a sauko da awon cikin makonni. Ya hana saka nifedifin a ƙarƙashin harshe don ganin lamba ta faɗi, domin ƙwaƙwalwar da ta saba da matsi mai yawa, jijiyoyinta kuma a ƙuntace, in aka sauke mata shi lokaci ɗaya sai jini ya kasa isa, ka jawo mata mataki na huɗu da hannunka. Kuma ko ta rikice da dare kada a yi saurin ba ta halofiridol na kwantar da hankali, a fara neman ciwo, cikar mara ko taurin bayan gida, don irin waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin shanyewar jiki ga masu gigin tsufa.

Abin da ya ce game da gabatarwar kanta gajere ne. Jimlar farko ta yi, don kafin in kai ta uku kowa ya san inda na dosa, kuma faɗin wanda ya ba da labari ya sa ana iya yarda da matakan. Inda na gaza shi ne jerin abubuwan da nake zato da shirin maganina ba su san da juna ba. Tun daga ranar, kafin in tsaya a zagaye, nakan ɗauki kowace cuta da na lissafa in tambayi kaina me na yi don kore ta, kuma akwai maganin da na rubuta da zai cutar in ita ce. Na kuma fahimci cewa ban ce uffan kan gida ba: wa zai riƙa ba ta magani, ina banɗaki yake daga ɗakinta, surukar nan mai yara huɗu za ta iya ita kaɗai? Ya ce wannan jimla biyu ce a ƙarshen kowace gabatarwar gigin tsufa, kuma wanda ya bar ta bai gama ba.

Ranar Litinin aka yi hoton, sakamakon ya fito Talata. Ba taruwar jini, ramukan ruwan ƙwaƙwalwa ba su buɗe fiye da kima ba. Akwai ƙananan tabo uku na tsohuwar toshewa a can ciki, kowanne bai kai milimita 15 ba, da dusashewar farin sashen ƙwaƙwalwa a kewayen ramukan. A ranar aka fara asfirin da atobastatin na rage kitsen jini. Awon jini ya tsaya wajen 158/90, aka ƙara amlodifin zuwa 10 mg, da shirin ƙara lisinofiril a asibitin waje in bai sauka ba, tare da sake duba kiriyatinin da fotasiyam mako ɗaya zuwa biyu bayan farawa. Mai gashin ƙashi ya fara koya mata tashi da tafiya da sanda.

Ni aka sa in yi wa iyalin bayani ranar sallama, ɗan da surukar tare. Na fito da takardar matakalar nan na nuna musu. Na ce abin da ya riga ya tafi da wuya ya dawo duka, aikinmu yanzu shi ne hana saukowa ta gaba, kuma maganin kullum ne ko kai na ciwo ko ba ya yi. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miyarta, a daina sayo maganin gwiwa a kemis, a bar fitila a kunne a hanyar banɗaki, a kai ta kewayawa duk bayan awa biyu zuwa uku kafin ya matse ta. In baki ya sake karkacewa, ko magana ta yi nauyi, ko hannu ya saki, a kawo ta a ranar ko da ya warware kafin a iso. Surukar ta ce, "Likita, sallarta fa? Tana ɓata raka'a sai ta zauna tana kuka." Na ce ta riƙa tsayawa kusa da ita suna yi tare, Inna tana binta. Aka rubuta musu dawowa bayan sati biyu, na ce su zo da ledar magani, kuma ita surukar ta zo da kanta.